Izinin Gado da Iyakar Mutum: Tsokanar Baƙon Ido a Zoza da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake fara barkwanci da mutumin da ba a gama sani ba a yankin Zoza, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ta Jihar Kano. Abin da take son kafawa shi ne, wasa da baƙon ido a ƙasar Hausa yana tafiya ne bisa izinin da aka gada tsakanin garuruwa da ƙabilu da sana'o'i, kuma izinin nan ƙungiya ya shafa. Bai faɗa wa mai tsokana komai ba game da mutum ɗayan da ke tsaye gabansa. Daga wannan giɓi ne yawancin ɓacin rai ke fitowa. An bi matakan fara wasan, da wuraren da lissafi ke kuskurewa, da alamomin da ke nuna an taka iyaka.

Gabatarwa



An yi rubutu da yawa a kan wasannin barkwanci, amma mafi yawansa ya tsaya ne a kan mutanen da suka riga suka san matsayinsu: jika da kaka, taubashi da taubashiya, mace da ƙanen mijinta. Marcel Mauss ya ɗauko batun a 1928, sannan A. R. Radcliffe-Brown ya fitar da maƙalarsa a mujallar Africa a 1940, inda ya bayyana irin wannan dangantaka a matsayin raini da al'ada ta halatta, wanda kuma ba a yarda wanda aka yi wa ya ji haushi ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk wannan aiki ya ɗauka cewa an san wane ne abokin wasan wane. Tambayata ta koma baya da taki ɗaya: mutum biyu sun haɗu a tasha ko a bakin gona, sanin da ke tsakaninsu bai wuce na gaisuwa ba, ta yaya ɗaya ke gane yana da damar tsokanar ɗaya, kuma me ke faruwa idan ya yi kuskuren ganewa?

Dalilin zaɓen Zoza

Zoza ɗaya ce daga mazaɓun Rogo, tare da irin su Zarewa da Fulatan da Beli da Gwangwan da Ruwan Bago. Rogo da Karaye su ne ƙananan hukumomin da ke ƙarƙashin Masarautar Karaye a tsarin da aka yi a 2024. Abin da ya sa yankin ya dace da wannan nazari shi ne zamansa a bakin iyaka. Ƙasar Rogo ta yi kafaɗa da Jihar Kaduna ta wajen ƙasar Zazzau, ta kuma yi kafaɗa da kudancin Jihar Katsina. Noman rake da cinikin mazarƙwaila da hatsi suna haɗa mutanen wurin da fataken Maƙarfi da na Ɗanja da na birnin Kano. Saboda haka manomi a nan yana yawan cin karo da mutumin da ba baƙo ne sosai ba, ba kuma ɗan gida ba: ya taɓa ganinsa ranar kasuwa, ya san sana'arsa, bai san gidansu ba. Shi nake kira baƙon ido a wannan takarda.

Akwai dalili na biyu. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, labarin wannan ƙasa ne, domin Karo ƙauye ne a kusa da Zarewa. Baba ta rayu daga 1877 zuwa 1951. Bahaushiya ce a harshe da al'ada, amma danginta asalinsu daga Barno suke. Ta ga zamanin rinji da bayi, ta ga harin da ake kai wa ƙauyuka a kwashe mutane. Waɗannan abubuwa biyu, wato asali mai hawa-hawa da tarihin bauta na kusa, za mu ga yadda suke shiga cikin maganar wasa.

Gaisuwa a matsayin bincike

Wanda ya iya wasa ba ya fara da wasa. Yakan fara da sallama da gaisuwa mai tsawo, kuma a cikin gaisuwar yake aikinsa. Yana sauraron harshe: idan baƙon ya ce "mota ne" ko "yarinya ne", an ji ƙamshin Zazzaganci, idan ya ce "ɗiyata" ko "na ce mashi", kunne ya karkata wajen Katsina. Yana duba fuska ko akwai zane, ko da yake wannan shaida tana ƙarewa, don samarin yanzu kaɗan ne ke da aska. Yana duba furfura da rawani da carbi. Sannan ya yi tambayar da ita ce mabuɗi: "Malam, daga ina?" ko "Mutumin ina ne?"

Amsar wannan tambaya ita ke buɗe ƙofa ko ta rufe. Idan baƙon ya ce shi Bazazzage ne, Bakano ya sami izini tun kafin a haife shi, domin wasan Kanawa da Zagezagi tsoho ne. Haka Bafillace da Babarbare, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Izinin nan ba na mutum biyun ba ne. Aro suke yi daga kakanni, kuma shi ya sa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya yi wa juna maganar da aminai na shekara ashirin ba za su yi ba. A wasan dangi har da ranarsa da kuɗinsa: a watan Muharram, lokacin cika-ciki, taubasai kan bi juna kuɗin shara. Baƙon ido ba a binsa shara da gaske, amma sau da yawa da ita ake buɗe wasan: "Ashe kai ne! To ina sharata ta bana?"

Bayan an sami izini ma, gwani ba ya zuba duka. Yakan jefa ƙaramar magana wadda ta shafi garin baƙon gaba ɗaya, ko kuma ya fara da garinsu shi kansa, ya ce ai mu Kanawa ko gaisuwa sai mun nemi ragi. Daga nan sai ya yi shiru ya jira. Wannan jiran shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Wasa bai ƙullu ba sai an rama. Dariya kaɗai ba shaida ba ce, domin Bahaushe yana dariya don kunya, yana yi don kara, yana yi don ciniki bai ƙare ba. Ramuwa ce ke cewa: na gane ka, na yarda mu yi.

Misali a bakin gonar rake

Misalin da ke tafe na gina shi ne daga irin abin da ke faruwa yau da kullum a lokacin saran rake, ba rahoton wasu mutane na musamman ba ne.

Wani manomi a Zoza, mai kimanin shekara talatin da biyar, yana da rake a fadama. Wani falke ya zo da mota daga wajen Maƙarfi don ya saya. Dattijo ne, ya girmi manomin da kusan shekara ashirin. Sun taɓa haɗuwa a kasuwa, sun san fuskar juna. A bakin gonar akwai 'yan ƙwadago masu sara da ɗauri, da direba da yaron mota. Aka gaisa, manomin ya tambaya, "Alhaji, daga ina aka taso?" Falken ya ce daga Maƙarfi. Nan take manomin ya ce, "Ashe bawana ne ya zo! Kai yara, ku ba shi igiya ya taya ku ɗauri." 'Yan ƙwadago suka fashe da dariya.

Falken ya yi murmushi, ya ce, "To, Malam." Ya juya wajen raken ya tambayi farashi. Manomin bai lura ba, ya ƙara da cewa ai Bazazzage ko ya je Makka sai ya dawo gidan ubangijinsa. Falken ya ce, "Allah ya kyauta." Aka yi ciniki sama-sama, ya ce zai zagayo, bai zagayo ba.

A bisa ƙa'idar gado manomin bai yi laifi ba, tun da Bakano ne ya tsokani mutumin ƙasar Zazzau da kalmar da aka saba. To ina aka kuskure?

Kuskuren farko yana cikin tambayar kanta. "Daga ina aka taso" ta nemi wurin zama ne, ba ta nemi asali ba. Mutum yana iya zama a Maƙarfi shekara talatin alhali shi Bakatsine ne, ko Bafillace, ko ma mutumin Karaye da fatauci ya kai shi can. A bakin iyaka irin wannan, gari ɗaya yana ɗauke da asali iri-iri, kamar yadda Baba ta Karo take Bahaushiyar ƙasar Kano mai jinin Barebari. Idan falken ba ya ɗaukar kansa Bazazzage, to ba shi da rigar da za ta tare masa kalmar. Ta zo masa tsirara: wani yaro ya kira shi bawa a gaban 'yan ƙwadago. Gwani da sai ya ƙara tambaya ɗaya, "Can ne asali?", ya ji abin da zai biyo baya.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma zai iya faruwa ko da falken Bazazzage ne na asali. Kalmar "bawa" ita ce jarin wasan ƙabilu, kowane ɓangare yana iƙirarin shi ne ubangiji. Tana da daɗi ne muddin kowa ya san ƙarya ce. Amma a wannan ƙasa bauta ba tatsuniya ba ce. Turawa sun ci Kano a 1903, kuma sai a 1936 aka soke matsayin bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya. Akwai dattawa a raye waɗanda kakanninsu suka zauna a rinji, akwai gidajen da har yau ake raɗa asalinsu idan maganar aure ta taso. Mai tsokana ba shi da hanyar sanin ko baƙonsa daga irin wannan gida ya fito, domin abu ne da ba a faɗa. Idan kuwa haka ne, to abin da ya furta a matsayin ƙaryar wasa ya faɗa kan gaskiyar da mutumin ya yi shekaru yana rufewa. Hausawa na cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma saboda kowa ya san wannan karin magana, wanda aka tsokana yana da hujjar zargin cewa da gangan aka yi.

Na uku shi ne shekaru da idon jama'a. Wasan ƙabilu yana iya haye tazarar shekaru, amma bisa al'ada babba ne ya fi dacewa ya buɗe, yaro ya rama a hankali. Da manomin ya bari, mai yiwuwa Alhajin da kansa zai ce, "Ku Kanawa, yau da wane wayo za a tarbe ni?", shi ke nan ƙofa ta buɗe daga sama. Sannan an yi abin ne a gaban direban Alhajin da yaron motarsa, mutanen da gobe zai ba umarni. Maganar da zai iya shanyewa su biyu a inuwa ta zama abin da za a maimaita a tasha. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa mutunci da kunya cikin siffofin da ake auna mutum da su. Mutunci kuwa a gaban mutane ake zubar da shi, kuma yawan masu kallo shi ke ƙayyade girman ɓarnar.

Yadda ake gane an taka iyaka

Falken bai ɓoye ɓacin ransa ba, ya faɗe shi da harshen da manomin ya kamata ya ji. Ya yi murmushi bai rama ba. Ya koma kiran "Malam", wato ya ja da baya zuwa ladabin da ake yi wa wanda ba a saba da shi ba. Ya sauya magana zuwa farashi. Da aka ƙara, ya ce "Allah ya kyauta", wadda addu'a ce a baki amma a wannan muhalli tsawatarwa ce. Bahaushe mai kamun kai ba zai ce "ka ɓata min rai" ga baƙon ido ba, domin faɗin haka ma wani zubar da girma ne. Saboda haka rashin faɗa ba ya nufin an yarda. Sau da yawa sakamakon ba ya zuwa da hayaniya, sai dai a ga ciniki ya mutu, ko an daina tsayawa gaisuwa, mai laifin kuma bai taɓa sanin dalili ba.

Akwai wata alama da ake samu daga gefe. Idan dariyar masu kallo ta yanke da wuri, ko wani dattijo a wurin ya ce "kai, a bar wannan", ko ya shiga yi wa baƙon wata tambaya ta daban, to akwai abin da ya sani wanda mai wasan bai sani ba.

Abin da izinin bai taɓa rufewa ba

Ko tsakanin abokan wasa na haƙiƙa akwai wuraren da ba a shiga. Ba a taɓa iyayen mutum da suna, ba a taɓa matarsa, ba a wasa da rashin haihuwa ko naƙasa ko talaucin da ake gani a jikinsa. Makafi da kutare suna da wasa a tsakaninsu, amma wannan bai ba mai lafiya damar shiga ba. Addini ma ya ja nasa layin: aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza, kuma hadisai sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha amma ba ya faɗin abin da ba gaskiya ba, ya kuma hana a tsorata Musulmi ko a ɗauke masa kaya da sunan wasa. Wannan ya sa za a iya haɗuwa da mutumin da asalinsa ya ba da izini, amma karatunsa ya sa ya ajiye wasan ƙabila gaba ɗaya. Shi ma ba a gane shi daga sunan garinsu.

Haɗari mafi ban kunya a ƙauye shi ne dangantakar da ke ɓoye. A yanki irin Zoza da Zarewa da Fulatan aure ya sarƙe gidaje, har ya zama baƙon da ka tsokana a kasuwa yana iya kasancewa kawun matarka ko ƙanen surukinka wanda ya daɗe a wani gari. Dangantakar surukuta kuwa kishiyar wasa ce, ta kunya ce da nisantar juna. Radcliffe-Brown ya lura cewa wasa da kunya hanyoyi biyu ne na magance matsala ɗaya, wato zama da mutumin da yake naka kuma ba naka ba. Abin da ya rage a ƙara shi ne, baƙon ido yana iya faɗawa kowane ɗaya daga cikin biyun, kuma fuskarsa ba ta nuna wanne.

Zamani ya ƙara wasu wuraren. Shekarun baya ana tsokanar Bafillace da ƙauyanci da son nono, ya rama, a wuce. Yau da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi sassan Arewa maso Yamma, wanda ya ce wa baƙon Bafillace "ina ka ɓoye bindigar?" ya fita daga barkwanci, ya jefa shi cikin zargin da zai iya jawo masa duka ko kamu idan wani a gefe ya ɗauka da gaske. Haka maganar masarauta: an ɗaga Karaye zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe a 2024, aka maido ta a daraja ta biyu cikin shekarar. Mutane suna da ra'ayi mai zafi a kai ta kowane ɓangare, kuma babu wani izinin gado da ya shafi wannan, kamar yadda babu shi a kan launin hular siyasa.

Tsakanin namiji da macen da bai sani ba kuwa ƙofar ta fi ƙunci. Tsohuwa tana iya kiran saurayi "mijina" ta nemi kuɗin cefane, domin ta ari matsayin kaka, shi ma ya rama da cewa ya sake ta don ta tsufa. Amma namiji ya fara irin wannan da matar aure mai ƙuruciya, ko da garinsu abokin wasan garinsa ne, za a fassara shi da wani abu daban, kuma ba ita kaɗai za ta fassara ba.

Gyara

Idan an gane da wuri, gyara yana yiwuwa, sai dai "wasa nake yi" ita kaɗai ba ta isa ba, domin tana ɗora laifin a kan wanda bai yi dariya ba. Abin da ya fi aiki shi ne mai wasan ya juya kalmar kansa nan take, ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, ai ni ne bawan, ɗanka ne ya yi wauta." Da wannan ya mayar wa dattijon girmansa a gaban mutanen da aka zubar da shi, kuma dole a gabansu ɗin za a yi, ba bayan an watse ba. Idan abin ya wuce nan, sai a nemi na uku, wanda ya girmi mai laifin kuma baƙon yana jin nauyinsa, kamar dillalin da ya haɗa su ko limamin unguwa, ya kai ban haƙuri, wani lokaci da ɗan goro.

A misalinmu, da kuskuren na wurin zama ne kawai, wannan zai wadatar, har ma falken ya bayyana asalinsa a gano ko akwai wani wasan da ya halatta a tsakaninsu. Idan kuwa kalmar ta taɓa asalin gidansu ne, ban haƙurin ma yana da nasa haɗari, domin duk bayanin da aka yi zai nuna an gane inda ta taɓa. A irin wannan hali masu hankali kan gajarta: a ba da haƙuri a kan rashin ladabi ga babba, a tsaya nan, kada mai shiga tsakani ya tambayi dalilin fushin, kada kuma a sake ɗauko wasan da wannan mutum sai in shi ya fara.